Raba Layi Ɗaya: Rabon Zango, Rabon Lokaci da Rabon Ƙididdiga

A fannin sadarwa, raba layi shi ne dabarar da ke sa mutane da yawa su aika saƙo ta waya ɗaya ko hanyar iska ɗaya ba tare da saƙonnin sun cakuɗe ba. Hanyoyi uku ne suka fi shahara, kuma abin da ya bambanta su shi ne makomar rabon wanda ya yi shiru: a ajiye masa, ko a ba wani.

Rabon zango, wato FDM, yana yanka faɗin layin gida-gida, kowa ya riƙe nasa koyaushe. Mai rediyo a Katsina yana ganin haka idan yana murɗa tasha: gidajen FM duk suna watsa shiri lokaci guda tsakanin megahaz 87.5 da 108, kowanne a zangonsa. A tsohuwar tarho, kira ɗaya yana samun kilohaz 4, alhali muryar tana tsakanin haz 300 da 3400 ne. Ragowar fili ne da ake bari kamar kunya tsakanin gonaki, don kada maganar wani ta tsallaka.

Rabon lokaci, wato TDM, yana ba kowa dukkan layin, amma bi da bi. Layin E1, wani layin tarho na dijital, yana ɗaukar megabit 2.048 a sakan. Yana zagayawa sau 8000 a sakan, kowane zagaye da gurbi 32 mai bit 8, don haka gurbi ɗaya kilobit 64 ne a sakan. Gurbi na 0 na daidaita ɓangarorin biyu ne, na 16 galibi na siginar kira, saura 30 na murya. GSM, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2001, ya haɗa dabarun biyu: zango mai faɗin kilohaz 200, an raba shi gurbi takwas. Kyawun wannan tsari tabbas ne, jinkirinsa ba ya canzawa. Aibinsa kuwa, ko mai gurbi ya yi shiru, gurbin zai wuce fanko.

Wannan asarar ce rabon ƙididdiga ya zo ya toshe, kuma da shi intanet ke aiki. Ba a ware wa kowa komai. Ana yanka saƙo fakiti-fakiti, kowanne da adireshinsa a ka, duk wanda ya iso ya samu layi a buɗe ya wuce, in ya tarar ana aiki ya jira a ma'ajiyar na'ura.

A ɗauki misalin rukunin shaguna a Ƙofar Ƙaura da suka haɗa kuɗi suka jawo layi mai megabit 20. Kowane shago yana bukatar megabit 2 idan yana aiki, amma kashi 10 cikin 100 na lokaci kawai yake jan bayanai. Sauran lokacin mai shago yana cike fom ne ko yana ciniki. Da rabon lokaci, shaguna 10 kaɗai za su samu gurbi, kuma kashi 90 cikin 100 na layin zai zauna a banza. Da rabon ƙididdiga, ana iya haɗa shaguna 40. A matsakaici huɗu ne ke aiki lokaci guda, wato megabit 8. Matsala sai in fiye da goma sun taso tare, kuma lissafi ya nuna yiwuwar hakan ba ta kai biyu cikin dubu ba. Layi ɗaya ya ɗauki ninki huɗu.

Sai dai lissafin ya dogara ne a kan cewa bukatar kowane shago ba ta da alaƙa da ta maƙwabcinsa, kuma nan ne masu kafa layi suka fi yin kuskure. Ranar rufe rajistar jarrabawa, ɗalibai sun cika kowane shago, ana ta ɗora hotuna da takardu. Idan aikin kowa ya tashi zuwa kashi 30 cikin 100, shaguna 12 ne ke aiki a matsakaici, suna neman megabit 24 a layin 20. Rarar megabit 4 na taruwa kowane sakan. Ma'ajiya mai megabayit 1, wato megabit 8, za ta cika cikin sakan biyu, daga nan na'ura ta fara zubar da fakiti.

Ana gane wannan da umarnin `ping`, wanda ke aika ƙaramin saƙo zuwa wata na'ura ya auna lokacin dawowar amsa. Lokacin dawowar amsa zai fara hawa yana tangal-tangal, sannan wasu amsoshin su daina dawowa. Buɗe shafin intanet yana jure haka, domin ana sake aiko abin da ya ɓata, amma kiran murya yana yankewa, tunda kalmar da ta makara ba ta da amfani. A tsarin da ake ware gurbi cunkoso ba ya zuwa da wannan kama: wanda ya samu shiga yana magana lafiya, na goma sha ɗaya ne ake hana shi layi tun daga farko. Shi ya sa masu kula da layukan fakiti ke sa wa fakitin murya alama, domin na'ura ta fitar da su gaba da sauran idan jerin jira ya yi tsawo.