Ma'anar "Saƙon Tabbatarwa" Bayan Kiran Waya

A 'yan kwanakin nan da wuya mutum ya gama magana a waya da ma'aikacin sashen kula da abokan ciniki ba tare da ya ji an ce masa, "Za mu turo maka saƙon tabbatarwa ta imel" ba. Kalmar ta shiga bakin ma'aikatan kamfanoni, ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shirye a rediyo waɗanda ke shawartar jama'a su "jira saƙon tabbatarwa" kafin su sake kira, har ta kai ana liƙa ta ga kowane irin saƙo da ya faɗo cikin akwati bayan an ajiye waya. Wannan ne abin da ke damuna, domin mafi yawan saƙonnin da ake kira da wannan suna ba su tabbatar da komai ba, kuma wanda ya karɓe su yakan kwantar da hankalinsa a kan hujjar da ba shi da ita.

Saƙo iri biyu ne aka fi rikitawa da shi. Na farko shi ne wanda na'ura ke aikowa da kanta cikin daƙiƙu, mai cewa an karɓi ƙorafinka, ga lambar da aka ba shi, za a duba. Wannan shaidar karɓa ce kawai, kuma amfaninta yana cikin lambar. Na biyu shi ne wanda ke tambayar ko ka gamsu da yadda aka saurare ka, wanda shi ko ambaton abin da aka tattauna ba ya yi. Saƙon tabbatarwa na gaskiya kuwa shi ne wanda ya mayar da alkawuran da aka yi da baki zuwa rubutu, ta yadda wanda bai ji kiran ba zai karanta ya san wa zai yi me, nawa ne, kuma zuwa wace rana.

Asalin kalmomin biyu da ke cikin wannan magana yana haskaka abin sosai. "Tabbata" ta samo asali ne daga Larabci, daga tushen da ke nufin tsayuwa da kafuwa, wato abu ya zauna daram ba ya motsi. "Alkawari" kuwa, wanda wasu ke furtawa "alkawali", shi ma daga Larabci ya zo, daga kalmar da ke nufin magana ko faɗa. Ke nan alkawari a asalinsa magana ce, kuma magana a waya ba ta da wurin zama: mai faɗinta zai ɗauki kira na gaba cikin minti ɗaya, mai jinta kuma zai tuna abin da yake so ya ji fiye da abin da aka faɗa. Tabbatar da alkawari shi ne a kafa wannan magana a wuri guda, inda ɓangarorin biyu za su iya komawa su same ta kamar yadda aka bar ta. Saƙon da bai ɗauki maganar da aka yi ba, duk kyan tsarinsa da tambarin kamfanin da ke kansa, bai kafa komai ba, saboda haka a ganina bai cancanci sunan ba.

Akwai masu cewa ai ana naɗar kiran, don me za a wahala da rubutu. Gaskiya ne sau da yawa ana naɗa, amma muryar tana hannun kamfani, ana ajiye ta ne na wani lokaci sannan a goge, kuma ma'aikacin da zai ɗauki kiranka na gaba galibi ba ita zai saurara ba. Abin da yake gani a gabansa shi ne 'yan layukan da abokin aikinsa ya rubuta a fayil ɗinka bayan kiran farko, cikin sauri, da kalmomin da ya ga sun isa. A nan ne alkawari ke sauya kama.

Abin ya taɓa faruwa da ni da wani kamfanin intanet da ya cire mini kuɗin wata guda sau biyu, sannan ya ɗora mini tarar jinkiri a kan kuskuren da ba nawa ba. Na kira ranar Litinin, 3 ga wata, ma'aikaciyar ta saurare ni da natsuwa ta ce, "Ka yi haƙuri, yallaɓai, za a mayar maka da kuɗinka cikin kwana goma, tarar kuma za mu cire ta." Na yi mata godiya, saƙo ya shigo da lambar ƙorafi, na ɗauka magana ta ƙare. Da na sake kira ranar 14 ga wata, wani ma'aikacin ya karanta mini abin da ke fayil ɗina: an miƙa buƙatar mayar da kuɗi ga sashen lissafi. Tarar ko ambatonta ba a yi ba. Ba na zargin ma'aikaciyar farko da ƙarya, na yi imani ta faɗi abin da take nufi, amma jimlarta guda ɗaya tana ɗauke da wurare uku da kowannenmu ya fahimta ta hanyarsa.

Wuri na farko shi ne "za a mayar maka". Ni na ji kuɗi zai koma asusuna na banki, inda aka cire shi. A tsarin kamfanoni da yawa kuwa, mayarwa na iya nufin a rubuta maka kuɗin a lissafinka na wurinsu, a rage shi daga kuɗin wata mai zuwa. Ga wanda zai ci gaba da hulɗa da su bambancin kaɗan ne, amma ga wanda ke shirin barinsu, ko wanda ke buƙatar kuɗin a hannu, bambancin shi ne dukan maganar.

Wuri na biyu shi ne "kwana goma", kuma a nan aka fi samun saɓani. Idan kwana goma ne na kalanda daga 3 ga wata, wa'adin ya cika ranar 13. Idan kwanakin aiki ne, ban da Asabar da Lahadi, wa'adin ya kai Litinin, 17 ga wata. Idan kuma ƙidayar ba ta farawa sai sashen lissafi ya amince, a ce sun amince ranar Alhamis, 6 ga wata, to sai Alhamis, 20 ga wata. Jimla guda ta haifi ranaku uku, tsakanin ta farko da ta ƙarshe mako guda cur. Shi ya sa saƙon tabbatarwa ba ya maimaita adadin kwanaki kawai, yana rubuta ranar da kanta.

Wuri na uku shi ne wanda mutane suka fi rashin lura da shi, wato bambancin "an amince" da "zan miƙa". Ma'aikacin da ke ɗaukar kira yana da iyakar abin da zai iya yankewa da kansa, abin da ya wuce wannan iyaka sai shugabansa ko wani sashe. Idan ya ce "za mu cire tarar", yana iya nufin ya riga ya cire ta a gabansa, yana kuma iya nufin zai nemi a cire. Tambaya ɗaya kafin a ajiye waya takan raba gardama: "Wannan an riga an yi shi ne, ko sai wani ya amince?"

Wani kuskuren da ke tattare da kalmar shi ne zaton cewa kamfani kaɗai ke da ikon rubuta irin wannan saƙo. Abokin ciniki yana iya rubuta shi da kansa, kuma sau da yawa nasa ya fi cika, domin shi ne abin ya dama. Da na san haka a ranar, da abin da zan aika bai wuce wannan ba: "Yau Litinin, 3 ga wata, da misalin ƙarfe 11 na safe, na yi magana da ma'aikaciyarku a kan ƙorafi mai lamba kaza. Ta shaida mini cewa za a mayar da kuɗin wata guda da aka cire sau biyu zuwa asusun bankin da aka cire shi, zuwa ranar 17 ga wata, kuma an cire tarar jinkiri daga lissafina. Ina roƙon ku amsa wannan saƙo ku tabbatar, ko ku gyara inda fahimtata ta saɓa da taku." Babu zargi a cikinsa, babu tarihin ɓacin rai, domin wanda zai karanta yana buƙatar ya iya cewa "haka ne" ko "ba haka ba ne" a kan kowace jimla. Ana aika shi ne a ranar kiran, saboda ranar da ke kan imel ɗin ita ke nuna cewa an rubuta shi tun kafin rigima ta taso. Kuma a duba adireshin da kyau: idan ya fara da `noreply`, amsa ba ta isa ga kowa, sai a nemi adireshin sashen ƙorafi, a sa lambar ƙorafin a kan taken saƙon don ya haɗu da fayil ɗin.

Sai dai shi ma wannan yana da iyaka, kuma ban yarda da masu zuzuta shi fiye da ƙarfinsa ba. Wasu kan rufe saƙonsu da cewa idan ba su ji amsa cikin kwana uku ba, za su ɗauka an amince. Rubuta haka ba laifi ba ne, amma shiru a ƙa'ida ba amincewa ba ne, kuma mutum ba ya ɗora wa wani nauyi ta hanyar sanya masa wa'adi shi kaɗai. Saƙon da ba a amsa ba shaida ce ta abin da kai ka fahimta a ranar, wadda ke da nauyi idan aka je gaban shugaban sashe ko hukumar kare masu saye, amma bai zama tabbatarwa cikakkiya ba sai ɗaya ɓangaren ya amsa. Doka ma ba ko'ina ta cike wannan giɓi ba. A Tarayyar Turai, dokar haƙƙin masu saye ta 2011 ta wajabta wa ɗan kasuwa ya ba mai saye tabbacin yarjejeniyar da aka ƙulla daga nesa a rubuce, ta hanyar da za a iya ajiyewa kamar imel, amma wannan ya shafi ƙulla ciniki ne, bai rufe kowane alkawarin da ma'aikaci zai yi yayin sauraron ƙorafi ba.

A kirana na biyu na nemi ma'aikacin ya karanta mini abin da ya rubuta a fayil kafin mu rabu, na aika nawa saƙon a wannan yammacin, aka amsa bayan kwana biyu. Amsar ta gyara ni a wuri guda: kuɗin za a rage shi ne daga lissafin wata mai zuwa, sai idan na nemi a tura banki. Na nema, aka tura, tarar kuma aka cire ta a rubuce.