Kafin ka dangwala: yadda ake fassara takardar bashi

Ni malamin gona ne a yankin Kura, kuma duk lokacin da noman rani ya gabato, rabin aikina ba a gona yake ba. A kan tabarma yake, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ana miƙo mini takardun banki shafi takwas ko goma da Turanci, ana cewa, "Malam, duba mana abin da suka ce." Abin da na fi gani yana jefa manoma cikin wahala shi ne fassarar da ake yi a tsaye cikin minti biyar, inda mai karantawa zai ce, "Ba wata matsala, bashi ne za ku biya da ɗan ƙari." Takardar bashi ba a gama fassara ta ba sai mai karɓa ya iya faɗa da bakinsa nawa zai shigo hannunsa, nawa zai fita, a wace rana, da abin da zai same shi idan ranar ta wuce.

Bari in ɗauki takardar da wata ƙungiyar manoman shinkafa ta kawo mini, daga wani ƙaramin banki. Kowane ɗan ƙungiya zai karɓi naira 300,000 na wata shida, kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari. Yaron da ya fara karanta musu ya tsaya nan, sai dattijon ƙungiyar ya lissafa a ransa cewa ƙarin naira 12,000 ne, ya ce da sauƙi. Abu biyu yaron ya tsallake. Na farko, kashi 4 ɗin na kowane wata ne. Na biyu, wata ƴar kalma da ma'aikatan banki suke kira filat, wadda take nufin ana lissafa ruwan ne a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun ranar farko, ko da ka biya rabi. Saboda haka 12,000 ne sau shida, wato 72,000. Jimilla 372,000, kowane wata 62,000.

Akwai ɗaya hanyar, inda ake lissafa ruwan a kan abin da ya rage a kanka. Idan kana rage 50,000 daga uwar kuɗi duk wata, ruwan watan farko 12,000 ne, na biyu 10,000, na uku 8,000, haka yana sauka har 2,000 a wata na shida. Duka 42,000. Kashi 4 ne a nan, kashi 4 ne a can, amma tsakaninsu akwai naira 30,000. Mai fassarar da ya ce "kashi huɗu" ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma bai fassara ba. Idan kana son gane wanne aka ba ka, duba jadawalin biya da ke ƙarshen takardar, layin kuɗin ruwa. Idan adadin iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, filat ne. Idan yana raguwa, a kan ragowa ake lissafi. Sannan a shafi na biyu akwai kuɗin hidima kashi 1 da na inshora kashi 1, waɗanda ake cirewa tun kafin kuɗin su shigo. Naira 294,000 za ta iso hannu, amma ruwan a kan 300,000 yake tafiya.

Sai ranar fara biya. Takardar ta ce kwana 30 bayan an saki kuɗin, alhali shinkafa tana ɗaukar kusan wata huɗu kafin a kai ta masussuka. Muka koma muka nemi a jinkirta, bankin ya yarda da wata uku. A nan ni kaina na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Na ce musu, "An ba ku hutun wata uku." Kowa ya ɗauka ba ko sisi sai wata na huɗu. Da na zauna da daddare na sake karanta sakin layin a nutse, sai na ga uwar kuɗi kaɗai aka jinkirta, ruwan yana nan, 12,000 duk wata tun daga na farko. Daga wata na huɗu kuma biyan ya koma 112,000 sau uku. Washegari da sassafe na bi su gida-gida na gyara. Tun daga ranar na daina cewa hutu. Ina cewa, "An ɗaga muku biyan uwar kuɗi, ba a ɗaga na ruwa ba," in kuma rubuta ranakun a bayan takardar da adadin kowace rana.

Sashen saɓa alkawari shi ne wanda ake gudu wajen karantawa, domin Turancinsa na lauyoyi ne, jimla ɗaya ta cika rabin shafi. Mutane suna zaton saɓawa ita ce kawai ƙin biya. A wannan takardar, sayen babur da kuɗin taki saɓawa ce, ba da bayanin ƙarya game da faɗin gona saɓawa ce, makara da kwana bakwai ma saɓawa ce. Abin da ke biyo baya kuma ba tara kaɗai ba ne. An rubuta cewa da zarar an saɓa, duk ragowar bashin ya zama na biya nan take. Wanda ya makara a wata na huɗu ba 112,000 za a nema a wurinsa ba, ana iya neman dukan 300,000 da ruwan da ya taru. Dole a faɗi wannan da adadi, ba a ce "za su ɗauki mataki" ba.

Haka batun lamuni. Takardar ta ɗaure ƴan ƙungiya su goma a tare, ta kuma ɗaure kowannensu shi kaɗai. Hausar wannan ita ce: idan mutum uku suka gaza, bankin yana da ikon ya zaɓi wanda ya fi ƙarfi cikin sauran ya nemi kuɗin ukun duka a wurinsa, ba sai ya raba wa kowa kasonsa ba. Da na faɗi haka dattijon ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, maimaita." Na maimaita. Ya ce, "To ai ni ake nufi, ni ne mai shanu." Akwai kuma izinin da ake sa hannu a kai, wanda Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, cewa idan ka gaza biya ana iya bin lambarka ta BVN a cire kuɗin daga asusunka na wani bankin daban. Mai ajiyar kuɗin aikin Hajji a wani banki ya kamata ya ji wannan kafin ya dangwala.

Wasu cikin ƙungiyar suka ce su ba za su taɓa kuɗin ruwa ba, suka kawo takardar bankin Musulunci. Tun da Ja'iz ya buɗe a 2012, wasu bankunan irinsa suka biyo baya, irin waɗannan takardu sun yawaita a hannun manoma. A nan tarkon yana cikin Hausar kanta. Riba ta ciniki da riba da aka haramta, rubutunsu na boko iri ɗaya ne. A baki ne ake jan wasalin farko a ta ciniki, a gajarta shi a ta haram. Na sha jin ma'aikacin banki mai ruwa yana cewa, "Ƴar riba ce za a ɗora," mai sauraro ya ji halal. Na kuma ji wanda ya fassara ribar bankin Musulunci da kuɗin ruwa, mutane suka tashi suka watse. Shi ya sa a rubutuna ba na barin kalmar ita kaɗai. Ƙarin da aka ɗora a kan rancen kuɗi, kuɗin ruwa nake kiransa. Ƙarin da aka ɗora a kan kayan da aka sayar, ribar ciniki.

Takardar tasu murabaha ce. Bankin ba ya ba ka kuɗi. Zai sayi injin ban ruwa da taki a kan 300,000, ya sayar maka a kan 360,000, ka biya cikin wata shida. Kalmar rance ba ta da wuri a wannan fassarar, saye da sayarwa ne a kan bashi, kuma dole a bayyana maka kuɗin saye da ribar kowanne daban. Abin da mai fassara zai sa wa ido shi ne jerin takardun, domin ba ɗaya ba ce. Akwai alkawarin cewa za ka saya. Wani lokaci akwai ta wakilci, inda bankin ya naɗa ka ka je ka sayo kayan a madadinsa. Sai ta ƙarshe, ta ciniki, wadda ba a sa mata hannu sai kayan sun zama mallakin bankin. Idan aka tara maka ukun ka dangwala rana ɗaya tun ba a sayi komai ba, ka tsaya ka tambaya, domin ba a sayar da abin da ba a mallaka ba.

Farashin nan na 360,000 ba ya ƙaruwa don ka makara. Amma kada a fassara wannan da cewa makara ba ta da hukunci. A takardar akwai kuɗin da mai jinkiri zai biya, sai dai ba ya shiga ribar banki, sadaka ake yi da shi, kuma jingina da masu lamuni suna nan daram. Game da biya da wuri, an rubuta cewa bankin yana iya yin rangwame, ba a ce zai yi ba. Tsakanin "yana iya" da "zai" akwai kuɗi, kuma mai fassara mai son faranta rai yakan mayar da na farko na biyu. Idan kuwa salam aka kawo maka, inda ake biyanka yanzu ka kawo buhu kaza na shinkafa ranar kaza, ka sani buhunan a wuyanka suke, ba a gonarka ba. Ko ambaliya ta cinye ta, za ka nemo a kasuwa ka cika.

Yadda nake yi yanzu, ba na fassara a harabar banki. Ina neman a ba mu kwafi mu tafi da shi gida kwana biyu. Ina rubuta Hausar sakin layi bayan sakin layi da lambobinsu, don a iya ɗora yatsa a kan Turancin da Hausar tare, kuma ba na tsallake wanda ya yi mini nauyi, sai in kai wa lauya ko malamin da ya san fiƙihun ciniki. Ina kuma gaya musu cewa wadda suka sa wa hannu ita kotu za ta duba, tawa taimako ce. Ga wanda ba ya karatu, ina tabbatarwa an rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa an fassara da Hausa kafin ya dangwala, tare da sunan wanda ya yi hakan da adireshinsa. Wannan layin shaida ce cewa ya fahimta, saboda haka ba na yarda a cike shi sai ya maida mini da bayanin da bakinsa.

Dattijon nan sai da na tambaye shi sau biyu. A karo na biyu ya ce, "Dubu ɗari biyu da casa'in da huɗu zan karɓa, in biya ɗari uku da saba'in da biyu. Sha biyu sau uku, ɗari da sha biyu sau uku. In wani ya gaza, ana iya zuwa kaina." Daga nan ya ce a kira taron ƙungiya bayan la'asar, ba zai dangwala ba sai an zauna an tantance su wane ne goman.