Kafin ku sayo ondila don kwamfutocin asibiti, ku yi lissafi biyu

Abokan aiki masu shigar da rahoton rigakafi da awon ciki a cibiyoyin lafiya na Garwa da Marwa da kewaye, kun san halin wutarmu da zarar rani ya yi nisa, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Ana tsakiyar cika rahoton wata a DHIS2 sai wuta ta ɗauke. Shi ya sa ake sayo ondila, wato UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu lambar da ke jikin kwali kaɗai muke dubawa, mu ga 650 VA mu ce ai ta isa. Wannan lamba ba wat ba ce, kuma ba ta faɗin minti nawa ondilar za ta riƙe ku.

Lissafin farko na nauyin kaya ne. Kwamfuta da wat take cin wuta, ita kuwa ondila da VA ake tallarta. Abin da ke haɗa su wata lamba ce da ake rubutawa PF, wadda ba ta wuce 1:

```
W = VA × PF
```

Ƙananan ondilolin da suka cika kasuwa PF ɗinsu wajen 0.6 ne. Ke nan mai 650 VA abin da za ta iya ɗauka bai wuce wat 390 ba, wasu ma 360. Ku juya bayanta ku karanta takardar da aka manna, galibi an rubuta duka biyun, VA da W. Da W za ku yi aiki.

Mu ɗauki ofis mai kwamfutocin tebur uku. A ce kowace tana cin wat 100, allonta 25, akwai kuma akwatin intanet mai cin 15. Jimla wat 390. Da wannan kaya, mai 650 VA ta cika maƙil, ƙaramin ƙari zai sa ta kama kuka ba tsayawa sannan ta mutu. Don haka a ƙara rubu'i a kai saboda sarari, ya zama kusan wat 490. A raba da 0.6, a sami VA 815 ko kusa da haka. Wadda ta dace ita ce mai 1000 VA da 600 W. Firinta mai leza kuwa kada ta shiga wannan layi, domin lokacin da take ɗumama kanta tana fizgar ɗaruruwan wat a take. Firijin allurar rigakafi ma ba nan ne wurinsa ba.

Lissafi na biyu na lokaci ne, kuma batir ne ke yanke shi. Ondila mai 1000 VA sau da yawa batir biyu ne a cikinta, kowane 12 V 7 Ah. A ninka 12 da 7 da 2, a sami 168 Wh, wato yawan wutar da batiran ke adanawa. A takarda, in an raba da wat 390, minti 26 ne. A ofis ba za ku ga hakan ba. Wannan 7 Ah an auna shi ne ana jan wuta a hankali har awa 20. In aka zuƙe batirin cikin 'yan mintoci, wajen rabi yake bayarwa, sannan ondilar kanta tana asarar kusan kashi 15 cikin ɗari wajen mayar da wutar batir zuwa bolt 220. Abin da zai rage minti 10 ne ko 11, shi ma in batirin sabo ne. Ya isa a adana aiki a kashe kwamfuta lafiya, ko a tayar da janareta.

In shugaban cibiya awa guda yake so, lissafin ya canza. Wat 390 na awa ɗaya, da asarar ondila, ya kai 460 Wh. Batirin dalma a awa ɗaya kashi 60 na abin da aka rubuta yake bayarwa, don haka ana bukatar kusan 770 Wh, batir biyu masu 12 V 40 Ah a jere, wato 960 Wh, za su isa har da sarari. Sai an nemi ondilar da aka ƙera don batirin waje. Don Allah kada a bar mai gyara ya jona batirin mota a ƙaramar ondila. An yi ta ne don aikin 'yan mintoci, za ta yi zafi ta ƙone, cajarta kuma ba za ta cika babban batir ba.

Zafinmu ma yana cin batir. An tsara shi don ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin shekarunsa. A Maris da Afrilu ofisoshinmu sukan haura 35. A janye ondila daga jikin bango da hasken taga, kada a jibga mata fayiloli a ka. Duk bayan wata uku, a adana aiki, a zare wayarta daga bango kwamfutoci na kunne, a duba agogo. In wadda ta saba riƙe minti 10 ta koma 4, ko batirin ya kumbura, a canza batiran biyu tare.