Imel ɗin maraba da sabon ma'aikaci

Imel ɗin maraba saƙo ne da ma'aikata ke aika wa wanda ta ɗauka aiki, bayan ya amince da tayin da aka yi masa, kafin ranar da zai fara. Yakan faɗa masa inda zai je da ƙarfe nawa, wanda zai nema, da abin da zai riƙo. Ba shi ne takardar ɗaukar aiki ba. Ita ce ke ɗauke da albashi da sharuɗɗa, kuma Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

Asali

Kafin imel, waɗannan bayanai suna zuwa ne a ƙasan takardar kama aiki da aka buga da tafireta, ko a baki, daga ɗan'uwan da ya yi wa mutum hanya. Imel ya samu tun 1971, amma ana ganin sai wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya zauna a ofisoshin Legas, musamman bankuna da kamfanonin sadarwa. Abin da ya ƙara wa saƙon tsawo shi ne takardun da suka yi ta ƙaruwa: asusun fansho na ƙashin kai daga 2004, lambar BVN daga 2014, ga kuma lambar NIN.

Abin da za a tanada

Wannan sashe na saƙon shi ne ya fi tsawo, shi ne kuma ke riƙe albashin farko idan aka yi sakaci. Yawanci ana neman ainihin takardun makaranta da kwafinsu, takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, hotunan fasfo, lambar asusun banki mai alƙaluma 10, da NIN mai 11. Wasu wuraren sukan ƙara da takardar asibiti da fom ɗin masu tsaya wa mutum.

Ana kuma tambayar lambar asusun fansho. Bisa dokar 2014, ma'aikata na zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Wanda ya taɓa buɗe asusu a wani aikin ba ya buɗe sabo, tsohuwar lambarsa zai bayar.

Matsalar da ta fi addabar Hausawa a nan ita ce rubutun suna. Mutum ɗaya sai a ga Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, ko a ga sunan garinsu a wata takarda babu shi a wata. Ma'ajin albashi ba ya shigar da sunan da bai yi daidai ba, gyaran kuma yakan ci makonni. Shi ya sa imel mai kyau ke isa da wuri, ya kuma ce a gwada takardun tun a gida.

Ranar farko

A Legas adireshi kaɗai ba ya kai mutum. A ɗauki misalin wanda ke zaune a Agege, aka ce ya iso ofis a Marina ƙarfe 8 na safiyar Litinin. Saƙon da ya tsaya a lambar gida da sunan titi ya bar shi da gosulo da tambayar masu danfo, wato motocin haya na Legas. Wanda aka rubuta da kula zai ambaci tashar da za a sauka, ginin da ke kusa, ƙofar da baƙi ke bi da hawa na nawa. Zai kuma tuna masa kada ya dogara da acaɓa, domin tun 2022 aka hana shi a Tsibirin Legas, inda Marina take, da wasu ƙananan hukumomi. Sai ya faɗi abu mafi muhimmanci: an bar sunansa wurin mai gadi. Sabon ma'aikaci ba shi da katin shiga, kuma idan sunansa ba ya cikin rajista, a bakin ƙofa zai tsaya da fayil a hannu har a sauko a shigar da shi.

Waɗanda za a tuntuɓa

Uku ne galibi: jami'in kula da ma'aikata, shugaban sashe, da mai kula da kwamfutoci. Lambar waya guda da ake ɗagawa da sassafe ta fi jerin adireshin imel amfani. Lokacin sallar Juma'a kuwa ba kasafai ake rubuta shi ba, shugaban sashe ake tambaya.

Saɓani da jabu

Akwai saɓani kan sanya kalmar sirri ta shiga kwamfuta ko imel ɗin ofis a cikin saƙon. Wasu na sa ta wucin gadi, wasu na jira sai mutum ya zo. Masu damfara ma suna kwaikwayon wannan imel. Alamarsu ita ce neman kuɗin horo ko na katin shaida kafin a fara, ko neman lambar sirrin katin banki, sau da yawa kuma daga adireshin da ba na kamfanin ba.