Waiwaye: yadda injiniyoyi suka koyi zama da lotsawar siririn ƙarfe

Bim mai siffar harafin I fallayen ƙarfe uku ne aka haɗa. Akwai falle a sama, akwai wani a ƙasa, su ne ake kira falanji, sannan akwai bangon tsakiya da ke tsaye yana riƙe da su. Idan aka ɗora masa kaya, falanjin ƙasa jansa ake yi, na sama kuwa matsa shi ake yi. Fallen da ake ja bai damu da sirantarsa ba. Wanda ake matsawa shi ne abin kula, domin in ya cika siranta yakan yamutse ya yi tudu da kwari a ɗan wuri guda, alhali bim ɗin gaba ɗayansa yana nan a miƙe, ƙarfen ma bai kai iyakar ƙarfinsa ba. Wannan lotsawar ta wuri guda dabam take da lanƙwashewar dogon ginshiƙi daga sama har ƙasa, wadda Leonhard Euler ya fitar da lissafinta tun 1744. Sai da aka shafe kusan shekara ɗari da hamsin kafin ita ma ta samu nata lissafin, kuma a wurin aiki aka fara cin karo da ita, ba a takarda ba.

A 1845 Robert Stephenson yana neman hanyar ƙetarar da jirgin ƙasa a mashigin Menai da ke Wales. Shawarar da ya yanke ita ce a ƙera ƙaton bututu na fallayen ƙarfe, jirgi ya bi ta cikinsa. William Fairbairn da Eaton Hodgkinson suka shiga gwaji, da bututu masu zagaye da masu kusurwa huɗu, har da wani samfuri mai tsawon kimanin mita 23. Abin da suka gani ya saɓa wa abin da aka saba. Magina na zamanin sun san ƙarfen zubi, wanda ke jure matsi amma yake tsinkewa in an ja shi, don haka ƙasan bim ake tsoro. A nan kuwa sama ne ke fara gazawa, fallen yana tattarewa tun kayan bai kai abin da ƙarfen zai iya ɗauka ba. Maganin da suka samo na mai basira ne: maimakon falle ɗaya mai faɗi, sai suka raba saman bututun zuwa ƙananan ɗakuna a jere, kowane falle ya zama kunkuntar tsiri mai madogara a gefe biyu. Gadar Conwy, mai irin wannan ƙira, ta fara aiki a 1848, ta Britannia da ke kan mashigin Menai kuma a 1850, manyan tazarorinta kusan mita 140 kowace. Ba su da lissafin abin, amma sun gano cewa ba yawan ƙarfe ne ke hana lotsawa ba, faɗin falle ne idan aka gwada shi da kaurinsa. Dabarar ce ke jikin kwanon rufi: tudu da kwarin da aka yi masa su ke tsare shi, ba kaurinsa ba.

Lissafin ya zo a 1891 daga hannun G. H. Bryan, wanda jikin jiragen ruwa ya dama. Stephen Timoshenko ya faɗaɗa shi a farkon ƙarni na 20 zuwa fallaye masu madogara iri-iri. Ga ƙarfen gini, abin ya taƙaita a haka:

σcr = k × 190000 × (t/b)²

Amsar, wato matsin da falle ke fara lotsawa a kai, a N/mm² take, t shi ne kauri, b faɗi, k kuma yana nuna yadda aka riƙe gefunan fallen. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, in aka rage kauri da rabi, matsin da falle zai jure ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Na biyu shi ne k. Fallen da aka riƙe a gefe biyu ana matsa shi bai ɗaya, k ɗinsa 4 ne. Rabin falanjin bim mai siffar I kuwa gefe ɗaya kawai ke jingine da bangon tsakiya, ɗayan gefen a sake yake, don haka k ɗinsa 0.43 ne kacal. Bangon tsakiya da ake tanƙwarawa, rabinsa na matse rabinsa na ja, yana da 23.9. Shi ya sa ake iya barin bangon tsakiya ya yi tsawo da siranta, amma leɓen falanji ba ya ɗaukar wannan wasan. Kuma babu ƙarfin ƙarfen a cikin lissafin ko kaɗan. Ƙarfe mai tsada da mai araha, in faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne, a matsi ɗaya za su fara lotsawa.

Har zuwa wajen 1930 ƙa'idar ita ce kada a bari falle ya lotsa sam. Masu ƙera jirgin sama ne suka karya ta, saboda ba su da halin ɗaukar nauyin da ba dole ba. Gwaje-gwaje sun nuna falle mai madogara a gefe biyu ba ya zubewa da zarar ya lotsa, kamar yadda ginshiƙi ke yi. Tsakiyarsa takan kumbura ta daina karɓar ƙarin kaya, amma tsirin da ke kusa da gefuna yana nan a miƙe yana ci gaba da ɗauka, har sai ƙarfen wurin ya kai iyakarsa. A 1932 Theodore von Kármán da Sechler da Donnell suka mayar da wannan hanyar lissafi mai sauƙi: a ɗauka tsakiyar babu ita, a yi aiki da tsiri biyu na gefe kawai. Abin da ya rage shi ne faɗi mai aiki. George Winter na jami'ar Cornell ya gwada wannan a kan fallayen ƙarfe na gaske, waɗanda ba su taɓa zama a miƙe ɗari bisa ɗari ba, ya ga suna ɗaukar ƙasa da abin da von Kármán ya ce, sai ya rage. Aikinsa ne tushen ƙa'idar 1946 ta AISI, cibiyar masana'antun ƙarfe ta Amurka, kuma lissafinsa, da 'yar gyara, har yau da shi ake aiki. Bangon tsakiya ma ya samu irin wannan sassauci. Herbert Wagner a 1929, sannan Konrad Basler a 1961, sun nuna cewa bangon da ya yamutse a karkace yakan koma kamar igiya da aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa, muddin akwai haƙarƙarin ƙarfe a tsaye da za su tokare shi.

Wannan ilimi, tare da yaɗuwar walda, ya ba injiniyoyi ƙwarin gwiwar gina gadoji masu siffar akwati da fallaye sirara. Sai cikin shekara biyu abin ya juya. Gadar kogin Danube a Vienna ta lotsa a Nuwamba 1969. Ta Milford Haven a Wales ta faɗi ranar 2 ga Yuni 1970, mutum huɗu suka mutu. Ta West Gate a Melbourne ta bi baya ranar 15 ga Oktoba 1970, ta kashe 35. Ta Koblenz a Jamus ta karye ranar 10 ga Nuwamba 1971, rayuka 13 suka salwanta. Dukkansu ana tsaka da gini ne.

Ta West Gate ce ta fi tsaya mini a rai, domin da ido aka ga lotsawar makonni kafin faɗuwar. An haɗa tazara mai tsawon mita 112 a ƙasa cikin rabi biyu, tsagin dama da na hagu, aka ɗaga kowane dabam don a haɗe su a sama. Ke nan kafin a haɗe, fallen saman kowane rabi yana da dogon gefe a sake, irin mai ƙaramin k ɗin nan. Da aka ɗora su, sai aka tarar ɗaya ya fi ɗaya tudu da kusan santimita 11. Aka jera tubalan kankare masu nauyin kimanin tan 8 kowanne a kan mai tudun don ya sauko, nauyin kuwa ya lotsa fallen sama a tsakiyar tazarar. Don a miƙe lotsawar, sai aka fara kwance notunan mahaɗar fallen a wurin. Duk notin da aka cire, kayansa kan koma kan ragowar fallen da dama a matse yake. Lotsawar ta bazu ta ci faɗin fallen da saman bangayen, da ƙarfe 11:50 na safe tan kusan 2000 na ƙarfe ya rufto. Ƙarfin da falle ke da shi bayan ya lotsa gaskiya ne, amma yana nan ne kawai idan gefunansa na riƙe, kuma kayan na da inda za su koma.

Birtaniya ta kafa kwamitin Merrison don ya binciki irin waɗannan gadoji, kuma aikinsa ya shiga cikin ƙa'idar BS 5400 kashi na uku a 1982. Daga nan dole lissafi ya yi la'akari da 'yar karkatar da falle ke zuwa da ita daga wurin ƙira, da matsin da walda ke bari a jikinsa bayan ta huce, da halin da ƙarfe ke shiga lokacin ɗagawa.

Yau duk wannan tarihi ya dunƙule cikin ɗan jadawali. Eurocode 3 na 2005, kundin ƙa'idar ginin ƙarfe na Turai, ya raba sassan ƙarfe aji huɗu. Aji na 1 da na 2 suna kai ƙarfen iyakarsa gaba ɗaya ba tare da sun lotsa ba, na 3 yana kai iyakar a fatar waje kawai, na 4 kuwa yakan lotsa tun kafin nan. Ga leɓen falanji, iyakokin c/t, wato faɗi a raba da kauri, su ne 9ε ga aji na 1, 10ε ga na 2, 14ε ga na 3. Ga bangon tsakiya da ake tanƙwarawa, 72ε da 83ε da 124ε. Shi ε daidai yake da √(235/fy), inda fy shi ne matsin da ƙarfen ke sallamawa a kai.

A ɗauki bim ɗin walda na ƙarfen S355, wato mai fy na 355 N/mm², leɓen falanjinsa milimita 144 daga bakin walda, kaurinsa milimita 8. To c/t ya zama 18. Ga wannan ƙarfe ε 0.81 ne, iyakar aji na 3 ta zama 11.4, don haka falanjin ya faɗa aji na 4. Lissafin Bryan da k na 0.43 ya ba da 252 N/mm², nesa da 355 ɗin da aka biya kuɗinsa. Sai a nemi sirantar fallen, λp = √(355/252), wato 1.19, a saka ta cikin ρ = (λp − 0.188)/λp² don a sami kason faɗin da ke aiki. Amsar 0.71. Cikin milimita 144, kusan 102 ne kawai ke aiki, 42 na bakin leɓen kaya ne da bim ke ɗauka a banza.

In aka ƙara kaurin zuwa milimita 12, c/t ya koma 12. Lissafin Bryan ya ce 567, sama da 355 ƙwarai, mutum zai zaci an tsira. Amma har yanzu aji na 4 ne, ρ kuma 0.96. Wannan ɗan ragin shi ne gadon Winter: falle na gaske, da karkatarsa da zafin waldarsa, ba ya kai na takarda. Da ƙarfen S235 ne, iyakar 14 ce, milimita 12 ta wadatar. Wanda ya sauya zuwa ƙarfe mai ƙarfi don ya rage kauri, shi ne ya fi buƙatar sake duba wannan lissafi. A S355 sai an kai milimita 13, inda c/t ya zama 11.1, kafin dukkan faɗin falanjin ya shiga aiki.

A wurin aiki ana gane ta ne da igiyar awo ko miƙaƙƙen ƙarfe da aka ɗora a bakin falanjin da ke matse: gefen zai riƙa hawa da sauka, fenti na tsagewa a kan tudun. A bangon tsakiya kusa da madogara, yamutsewar a karkace take fitowa. Inda aka gan ta, aikin farko shi ne a sauke kayan da ke kai, a tokare bim ɗin daga ƙasa, kafin a taɓa noti ko a kusantar da wuta.