Murar da ke zaga gida a hunturu: ta ina take bi, kuma awa nawa take yi a waje?

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Kano, maganar da na fi ji a asibitin sha-ka-tafi da nake aiki ita ce, "Malam, sanyi ne ya kama shi," ko kuma "ƙura ce ya shaƙa." Sanyi da ƙura suna da nasu laifin, domin suna busar da hanci da maƙogwaro har kariyarsu ta yi rauni. Amma murar da ke zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki kamar an yi wa mutum dukan tsiya, ciwon kai da busasshen tari, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Ƙwayar nan ba ta tsirowa daga iskar hunturu. Daga jikin wani mutum take fitowa, ta sami hanya ta shiga naka. Hanyoyin uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Bari in ba da labarin wani gida a cikin birni da na bi lamarinsu, don a ga yadda abin ke tafiya. Maigidan ɗan kasuwa ne. Ranar Litinin ya dawo gida lafiya ƙalau, ya ci tuwo da yara, ya kwana ɗaki ɗaya da uwargida da jaririnta. Ranar Talata da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Laraba da dare uwargida ta fara rawar ɗari, ranar Alhamis jaririn ya bi sahu. Hajiya, mahaifiyar maigidan, wadda ke shigowa duba shi safe da yamma, ta kwanta ranar Juma'a. Yara biyu maza da ke kwana a shagon zaure kuwa ko atishawa ba su yi ba, alhali kwano ɗaya suka ci da babansu ranar Litinin.

Hajiya ce ta fara tambayata, cikin mamaki: "Ɗan nan, ai ranar Litinin ɗin lafiyarsa lau. Yaushe ya shafa wa matar tasa?" Na ce mata, "Hajiya, tun kafin ya san ba shi da lafiya." Wanda ya ɗauki wannan ƙwaya yakan yi kwana 1 zuwa 4 kafin alama ta bayyana, galibi kwana 2. Kuma yana iya fara yaɗa ta kwana guda kafin zazzaɓin ya zo, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7 bayan ya kwanta. Kwanaki ukun farko na ciwon su ne mafi haɗari. Ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki sukan wuce mako suna fitar da ita.

Hanya ta farko kowa ya san ta, ita ce feshin tari da atishawa. Ɗigon yawu da majina masu ɗan nauyi ne ke fita, su yi tafiyar mita ɗaya zuwa biyu, su faɗi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan fuskarka na cikin wannan tazarar, sai su sauka a ido, ko hanci, ko baki. Ka tuna zaman adaidaita sahu, mutum uku a baya kafaɗa da kafaɗa, an saki labulen leda saboda iska. Wanda ya yi atishawa a nan bai bar kowa ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutane ba su cika yarda da ita ba, saboda ba a ganinta, kuma a ganina ita ce ta kwantar da mutanen gidan nan. Ba sai mutum ya yi tari ba. Numfashi kawai da magana suna fitar da wani irin tururi mai ƙananan ɗigo, waɗanda kaurin silin gashin kai ɗaya ya ninka su fiye da sau goma. Irin waɗannan ba su da nauyin faɗuwa da wuri. Suna shawagi a iskar ɗaki na mintuna, wani lokaci na awoyi, kuma idan aka shaƙe su suna iya wucewa can cikin huhu.

Misalin da nake ba mata shi ne turaren wuta. Uwargida, idan kika saka turare a kusurwar ɗaki kika rufe ƙofa, akwai lungun da ƙamshin bai kai ba? Ko wanda ya shigo bayan garwashin ya mutu zai ji shi. To haka numfashin mai mura yake cika rufaffen ɗaki, sai dai shi ba shi da ƙamshi. A ɗakin maigidan nan, taga ɗaya ce, an toshe ta da kwali saboda ƙura, ƙofa kuma a rufe da labule mai kauri daga isha har asuba. Mutum uku suna musayar iska ɗaya na kusan awa takwas. Yaran zaure kuma ƙofarsu ba ta ma rufuwa sosai, iska na kaɗawa ta wuce. Sanyi suka sha, amma sun tsira.

A nan ne hunturu ke shigowa da gaske. Ƙwayar infuluwenza ta fi daɗewa da ƙarfinta a iska mai sanyi da bushewa. A shekarar 2007 masu bincike a Amurka sun gwada haka da wasu ƙananan dabbobi, suka ga cutar ta fi saurin bi ta iska daga keji zuwa keji idan laimar iska ta yi ƙasa, tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari, kuma da aka kai zafin wurin digiri 30 sai ta daina bi ta iskar. Dabba ba mutum ba ce, amma abin ya yi kama da dararenmu na Disamba da Janairu: iska busasshiya har leɓe na tsagewa, ga sanyi, ga kowa ya kulle kansa a ɗaki. Kada dai a ɗauka da bazara ko damina an huta, domin a ƙasashe masu zafi irin namu ana samun cutar a kowane lokaci na shekara.

Maganin wannan hanyar ba ya cin kuɗi. A bar taga a ɗan buɗe ko da faɗin tafin hannu ne, a kuma bar wata kafa a ɓangaren ƙofa don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Gara a ƙara bargo da a toshe taga. Fanka a rufaffen ɗaki ba ta sabunta iska, juya ta kawai take yi. Wanda ke son ya gwada ɗakinsa, ya saka turare kaɗan, ya fita, ya dawo bayan awa ɗaya. In har hayaƙin na nan tsaye, iskar ɗakin ba ta sauyawa. (Masu shigar da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa kuwa, wannan wani haɗarin ne daban da ya fi mura saurin kisa.) Idan gida na da hali, mai ciwon ya kwana shi kaɗai na kwana biyar, jariri da tsoho da mai juna biyu su yi nesa da ɗakin. Idan babu hali, shi mai ciwon ne ya fi cancanta ya saka takunkumi, domin tare abu a bakin mafita ya fi sauƙi.

Hanya ta uku ita ce taɓa kaya, kuma a nan ne aka fi yi mini tambayar awa nawa. Amsar ta danganta da irin abin da majinar ta sauka a kai. Wani gwaji da aka yi tun 1982, wanda har yanzu ake kafa hujja da shi, ya nuna ƙwayar na iya kai awa 24 zuwa 48 a kan abu mai tauri da santsi irin ƙarfe da roba. A kan yadi, takarda da tishu kuwa ba ta wuce awa 8 zuwa 12, saboda suna tsotse danshin. A fatar hannu ta fi gajeren kwana: bayan kamar minti biyar da ɗaukarta daga kan kaya, yawancinta ta lalace. Wato marfin buta, mariƙin ƙofa, kofin silba na randa, ƙarfen da ake riƙewa a adaidaita da fuskar waya sun fi zanin gado riƙe ta.

Minti biyar kamar ba komai ba ne, amma ka lura da kanka na ɗan lokaci ka ga sau nawa hannunka ke zuwa hanci da ido, musamman da ƙurar hunturu na sa ƙaiƙayi. Ƙwayar ba ta huda fatar hannu. Kai ne ke kai ta ƙofa da yatsanka.

Akwai kuma abin da ke tsawaita mata rai, shi ne majinar kanta. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwizalan a 2008 kan takardun kuɗinsu, ƙwayar ta kai kwana 3 idan an zuba ta da yawa, amma da aka cakuɗa ta da majina ta kai har kwana 17. Wannan a ɗakin gwaji ne, inda babu rana babu zafin aljihu, don haka kada wani ya fara tsoron karɓar canji a Kantin Kwari. Ƙarfinta raguwa yake yi awa bayan awa, kuma samun ta a kan kaya ba ya nufin ta isa ta kwantar da mutum. Darasin da ke ciki shi ne na hankici. Hankicin da aka fyace a ciki aka mayar aljihu, aka sake ciro shi da danshinsa, sannan aka miƙa hannu aka gaisa da sahu guda bayan sallah, ya fi takardar kuɗi aiki. Haka nan ɗabi'ar fyace wa yaro hanci da yatsu a goge a gefen zani a ci gaba da tuƙa tuwo.

Abin sauƙin shi ne ƙwayar tana lulluɓe ne da wata 'yar riga ta maiƙo, sabulu kuwa aikinsa ke nan, narkar da maiƙo. Sabulun wanki na gida ya isa, in dai an cuɗa hannu na daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu. Ɗauraye hannu da ruwa zalla a kwano ɗaya da kowa ke tsomawa kafin cin abinci ba wanki ba ne. Inda babu ruwa, man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari ko fiye yana yi. Kofi da cokalin mai ciwo a wanke su da sabulu kamar kullum, ba sai an jefar ba. Buta, mariƙin ƙofa da waya a riƙa goge su sau ɗaya ko biyu a yini. Hankici da zanin gado a wanke a shanya su a rana, ranar Kano ta ishe su.

A gidan da na ba da labari, maigida da uwargida sun warke cikin mako da hutu, ruwa mai yawa da farasitamol. Kafsol ɗin da suka sayo a kyamis tun ranar farko bai yi musu komai ba, domin irinsa wata ƙwayar cuta daban da ake kira bakteriya yake kashewa, ba wannan ƙwayar ba. Jaririn ne muka tura babban asibiti ranar Asabar, da muka ga numfashinsa ya yi sauri, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, kuma ya ƙi kama nono. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikin yaro, ko ya ga tsoho na haki ko ya fara ruɗewa, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani, kada ya jira gari ya waye. Jaririn ya yi kwana huɗu aka sallame shi, kuma da na koma gidan na tarar Hajiya da kanta ta sa an cire kwalin tagar.