Baƙin farce ba dole ba ne ga mai gudu: auna takalminka da yamma

A aikina na kula da lafiya ina yawan ganin masu motsa jiki da farcen ƙafa ya yi baƙi ƙirin, wani ma ya fita gaba ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu sun ɗauka haka gudu ya gada. Ba haka ba ne. Jini ne ya taru a ƙarƙashin farcen saboda yatsa na dukan gaban takalmi a kowane taku, kuma galibi laifin daga wajen awo ne.

Ƙafa ba ta wuni da girma ɗaya. Da safe, bayan an kwana a miƙe, tana a tsuke. Tsayuwa da tafiya da zafin rana kan sa ruwan jiki ya gangaro ƙasa, sai ta ɗan cika zuwa la'asar. Gudu kuma yana ƙara mata, domin jini na kwarara cikinta, nauyin jiki na baje ta. Shi ya sa takalmin da ya zauna daram da hantsi yake zama azaba a kilomita na 8.

Don haka da yamma za ka auna, a tsaye, sanye da safar da kake gudu da ita. Ka shimfiɗa takarda jikin bango, ka jingina dunduniya da bangon, wani ya ja layi a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. A kula, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na biyun ne. Ka auna ƙafa biyun, ka bi wadda ta fi girma. A ce ta dama ta ba da santimita 26.2, ta hagu 26.5. To 26.5 za ka riƙe, ka ƙara kamar santimita 1 zuwa 1.5, wato kusan faɗin babban yatsan hannu. Ke nan kana neman takalmin da tsawon cikinsa ya kai wajen 27.5 zuwa 28. Kada lambar da ke jiki ta ruɗe ka: a lissafin Turai tazarar lamba ɗaya kusan milimita 6.7 ce kawai, kuma 43 na wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 43 na wancan ba. Hanya mafi sauƙi, zaro shimfiɗar ciki ka taka ta. In ba ka ga sarari gaban yatsu ba, ko gefen ƙafarka ya zubo waje, ajiye shi. Idan ka ɗaure igiya, dunduniya ta zauna ba ta zamewa, yatsu kuma su iya motsi.

Tsohon takalminka kuwa kada ka yi saurin jefar da shi, yana da labari. Fara da shimfiɗar cikinsa: in shatin yatsu ya kai har bakin ƙarshe, ko babban yatsa ya huda yadin sama, alama ce ya yi maka kaɗan. Sai ka kife shi. Sudewa a gefen waje na dunduniya da tsakiyar gaban tafi, wannan yadda aka saba ne, domin mafi yawan masu gudu da gefen dunduniyar suke fara taɓa ƙasa. In gefen ciki ne ya cinye, daga dunduniya zuwa ƙarƙashin babban yatsa, ƙafar na karkata ciki da yawa. In gefen waje ne ya sude tun daga baya har ƙaramin yatsa, nauyinka a waje yake tafiya. Ɗora su biyun kan tebur ka dube su ta baya, za ka ga inda suka jirkice. Ni dai ba na tayar wa mutum da hankali kan karkata in babu ciwo. Abin da na fi sa wa ido shi ne ɗaya ya cinye fiye da ɗan'uwansa sosai, musamman in gwiwa ko ƙugu na ciwo. Wannan sai a kai wa likitan gashin ƙashi, a tafi da takalman ya gani.

Soson da ke tsakiyar tafin takalmi yakan mutu tun ƙasan bai nuna ba. Yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ne. Mai gudun kilomita 25 a mako zai kai nan cikin wata 5 zuwa 7. In ka ga ya yi tamoji masu zurfi, ka danna bai dawo ba, ya gama aiki.

Kumburin yamma na ƙafa biyu ne, kuma yana sacewa kafin gari ya waye. Wanda ya kama ƙafa ɗaya da zafi, ko wanda in ka danna yatsa rami ya zauna, asibiti yake buƙata. Mai ciwon suga kuma ya duba tafinsa da tsakanin yatsu bayan kowane gudu, domin takalmi na iya ji masa rauni bai ji ba.